Yadda Kwamfuta Ke Farautar Saiwar Lissafi

Saiwa ita ce lambar da ke mayar da amsar lissafi sifili. A x² − 2, idan x ya zama 1 amsa −1 ce, idan ya zama 2 kuma amsa 2 ce. Tunda alama ta canja, saiwa tana tsakani.

Raba tazarar biyu, a riƙe ɓangaren da alama ta canja, ba ya kuskure, sai dai tafiyar hawainiya ce. Ja miƙaƙƙen layi tsakanin maki biyun ya fi sauri, nan take zai ba da 1.333, alhali saiwar 1.414 ce. Da maki uku kuwa, lanƙwasasshen layi ake ja, ya ƙara matsowa. Amma masu saurin kan yi tsalle su fice daga shingen.

A 1973 Richard Brent ya gyara dabarar Dekker, ya haɗa ukun. Ana gwada mai sauri tukuna. In hasashensa ya fita shinge, ko takunsa bai gaza rabin na shekaranjiya ba, sai a koma rabawa. Sharaɗi dai, kada lissafin ya yanke a tsakani. A SciPy sunanta `brentq`.