Karayar ƙwauri: abin da ake faɗa da abin da ƙashi ke yi

Ɗan acaɓa ya faɗi, ƙwaurinsa ya karye kusa da idon sawu. Kafin a kai shi asibiti, 'yan dubiya sun gama yanke hukunci: a murza kumburin nan, a tatse "mataccen jini". Wannan kuskure ne. Jinin da ya taru ya daskare a bakin karaya shi ne harsashin ɗorin. A makon farko yana janyo ƙwayoyin da ke share ɓaraguzai da masu toho da sababbin hanyoyin jini, shi ya sa wurin ke zafi yana kumbura. Kumburin da ke da haɗari shi ne wanda ya yi tamau, ko aka ɗaure shi tamau, har yatsu suka yi sanyi, suka mace, ciwo na ƙaruwa. Wannan ba ya jiran gobe.

Zuwa mako na 2 ko na 3, guringuntsi yana cike tsakanin guntayen biyu, ciwo ya ragu. A nan ake yawan ruɗuwa, a ce ai ya haɗe. Bai haɗe ba. Guringuntsi yana lanƙwasuwa, kuma sai a hankali yake zama ƙashi mai tauri. Ƙwaurin babban mutum kan ci wata 3 zuwa 6, na yaro kuwa ya fi sauri, kamar yadda ake faɗa. Ƙullutun da ake shafowa a wurin ba shaidar karkacewa ba ne. Sabon ƙashi ne, jiki zai yi ta sassaƙe shi tsawon watanni ko shekaru gwargwadon nauyin da ƙafa ke ɗauka. Batun cewa wurin zai fi da ƙarfi har abada, ba haka ba ne.

Idan an kai wajen wata 9, hoton ƙashi ya daina nuna ci gaba tsawon wata 3, wurin na motsi ko yana ciwo in an taka, likitoci kan ce ƙashi ya ƙi haɗewa. Ba sammu ba ne, kuma hoton kan tona dalili. In bakunan sun yi kauri amma da rata a tsakani, akwai jini, motsi ne ya yi yawa, irin wanda kwance ɗori a kai a kai da ja da murza ke jawowa. A kafe shi da ƙarfe, galibi ya haɗe. In bakunan sun sirance babu sabon ƙashi, jini ne ya gaza, kuma ƙasan ƙwauri dama ba shi da tsokar kirki da za ta ciyar da shi. Wannan kan buƙaci dashen ƙashi, sau da yawa daga ƙugu. Idan ƙashi ya huda fata aka tura ganye a raunin, ƙwayoyin cuta na iya shiga, mugunya ta yi ta zuba.

Zancen taba sigari gaskiya ne: tana tsuke hanyoyin jini, tana jinkirta haɗewa. Haka ma ciwon sukari da ba a kula da shi ba.