Kashi 50 ko Dubu 833: Wanne Mai Jari Zai Ɗauka?

A ce mai jari yana da fili ɗaya, ga ayyuka biyu da ba za su zauna a kansa tare ba. Na farko zai ci naira miliyan 1, ya dawo da miliyan 1.5 bayan shekara. Na biyu zai ci miliyan 10, ya dawo da miliyan 13. Kuɗin kuwa na banki ne, ruwansu kashi 20 cikin ɗari.

Ma'auni biyu masana harkar kuɗi ke ɗaukowa, waɗanda manhajar Excel ke kira IRR da NPV. IRR kason riba ne da aikin ke haifarwa da kansa: kashi 50 a na farko, kashi 30 a na biyu. Ido na ganin haka sai ya karkata ga ƙaramin. NPV kuwa yana mayar da kuɗin baɗi darajarsu ta yau, sannan ya cire jarin. Miliyan 1.5 in an raba da 1.2 ta zama miliyan 1.25, rarar dubu 250 ke nan. Miliyan 13 ta zama kusan miliyan 10.83, rarar wajen dubu 833. Babban aikin ya ninka ƙaramin fiye da sau uku, domin kaso ba ruwansa da girman jari. Ƙarin miliyan 9 ɗin nan yana kawo ƙarin miliyan 11.5, kusan kashi 28, wanda ya fi ruwan bankin. Sai ruwan ya haura nan ƙaramin aikin zai yi gaba.

Akwai inda IRR ke rikicewa gaba ɗaya. Tun a 1955 James Lorie da Leonard Savage suka nuna cewa aiki ɗaya na iya samun IRR fiye da ɗaya, kuma misalin da littattafai suka riƙe shi ne na famfon rijiyar mai. Sabon famfo zai ci dala 1,600. Ba ya ƙara yawan man, gaggauta fitowarsa kawai yake yi, don haka a shekarar farko a samu ƙarin dala 10,000, a ta biyu a rasa 10,000. Lissafi ya ba da amsa biyu, kashi 25 da kashi 400, dukansu daidai. Kamfanin da ke cin bashi a kashi 10 zai ɗauka ya tsinci dami a kala, alhali NPV na nuna asarar kusan dala 774. Famfon ba ya riba sai ruwan yana tsakanin kashi 25 da 400.

Alamar ba ta ɓuya: kuɗi sun fita, sun shigo, sun sake fita. Haka ma'adinai suke, inda dole a cike rami a gyara ƙasa bayan an gama haƙa. Duk sauyi ɗaya na iya haifar da wani IRR, kuma Excel ɗaya kawai yake nunawa, ya yi shiru a kan sauran. A irin wannan aiki, abin yi shi ne a lissafa NPV a kan ruwa daban-daban, a ga iyakar inda riba ta fara da inda ta ƙare.