Abin da ke sa a rufe caca ana tsaka da wasa

Cacar da ake yi ana cikin buga ƙwallo ta bambanta da wadda ake kammalawa kafin a take wasa. Farashinta, wanda masu yi ke kira ods, yana sauyawa da duk abin da ya auku a fili, don haka wanda ya riga samun labari shi ke da galaba.

Kamfanonin caca ba talabijin suke jira ba. Suna sayen bayanai daga kamfanoni irin su Sportradar da Genius Sports, masu ajiye wakilai a cikin filin wasa. Da an busa fenareti ko an ɗaga jan kati, wakilin zai latsa na'urarsa, labari ya isa nan take. Shi kuwa hoto sai an sarrafa shi, an harba shi tauraron ɗan'adam, sannan ya sauko. Wannan kan ci daƙiƙoƙi, na intanet kuma yakan makara da rabin minti ko fiye. Shi ya sa mai kallo a waya kan jiyo ihun 'yan gidan kallo alhali a wurinsa ba a ma bugo kwanar ba.

A ɗauka ana kunnen doki, farashin nasarar masu masaukin baƙi 3.00 ne, wato naira 1,000 za ta dawo da 3,000. Suka zura ƙwallo, farashin ya faɗo 1.40. Duk wanda ya samu tsohon farashin bayan ƙwallo ta shiga ya ci banza. Saboda haka kamfani ke rufe karɓar caca da zarar an kai hari mai haɗari, yana kuma riƙe kowace caca na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya amince da ita. Idan farashi ya motsa ko aka rufe a cikin wannan ɗan jinkirin, sai a mayar wa mutum kuɗinsa. Wasu kamfanonin har sun rubuta a sharuɗɗansu cewa suna iya soke cacar da aka karɓa bayan abin ya riga ya faru.

Alƙalancin bidiyo ya ƙara tsawaita rufewar. A watan Afrilun 2019, a wasan kusa da kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Turai, Raheem Sterling ya ci wa Manchester City ƙwallo a ƙarin lokaci, wadda da ta fitar da Tottenham. Aka duba bidiyo, aka soke ta saboda satar gidan Sergio Aguero. Kafin hukuncin babu farashin da za a iya tsayarwa, tunda ba a san wanda zai wuce ba.

Abin damuwa a nan shi ne mai kallo kan ɗauka yana ganin wasa kai tsaye, alhali farashin da ke gabansa ya riga ya haɗiye abin da idonsa bai kai ga gani ba. Alamar a bayyane take. Idan allon caca ya kulle ƙwallo na tsakiyar fili a wayarsa, to hotonsa ne ya makara.