Minti Biyar a Gaban Masu Jarrabawa: Yadda Ake Buɗe Kare Kundin Digiri

Ɗalibin da ya yi shekara biyu ko uku yana haɗa kundin digiri na biyu ko na uku ba ya karɓar shaida sai ya zauna a gaban malamai ya kare abin da ya rubuta. Wannan zama shi ɗalibai ke kira difens. A jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya, da Bayero da ke Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, akan gayyato mai jarrabawa daga wata jami'ar, a haɗa shi da na cikin gida, ga malaman da suka duba aikin, ga shugaban sashe, ga wakilin makarantar karatun gaba da digiri na farko. Kafin a fara tambayoyi, akan ce wa ɗalibi ya taƙaita aikinsa. Wani wurin a ba shi minti goma sha biyar har da majigi, wani wurin kuma baƙon malamin ya rufe kundin, ya ɗago kai ya ce, "To, a cikin minti biyar, gaya mana abin da ka yi da abin da ka gano." A nan ne mutane da yawa kan yi tuntuɓe, ko da kuwa aikin nasu mai kyau ne.

Tushen kuskuren shi ne ɗalibi ya ɗauka an ce ya matse babi biyar ne su shiga minti biyar, kowane babi minti ɗaya. Masu jarrabawa sun riga sun karanta kundin makonni kafin ranar, sun naɗe shafuka, sun ja jan biro inda ba su gamsu ba. Ba su da buƙatar a sake karanta musu shi. Suna so ne su ji ko wanda ke zaune a gabansu shi ya yi aikin da hannunsa, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma wanda aka rubuta wa kundi da wuya ya iya faɗin sakamakonsa ba tare da leƙa takarda ba. Suna kuma so su ji ko ya san wane abu ne mafi nauyi a cikin duk abin da ya tara. Saboda haka jawabin buɗewa na sakamako ne, sauran abubuwa share masa fage kawai suke yi.

Mutumin da ke magana a natse, yana tsayawa inda ya dace, yakan furta kalma 120 zuwa 130 a minti ɗaya. Ke nan minti biyar ba za su ɗauki abin da ya wuce kalma 600 zuwa 650 ba, wato shafi ɗaya da 'yan layuka. Rabon da ya fi yin aiki shi ne a ba gaisuwa da sunan aiki daƙiƙa 20, matsala da tambayar bincike daƙiƙa 40, hanyar da aka bi minti ɗaya, sakamako minti biyu cur, sannan minti na ƙarshe a raba shi tsakanin iyakar binciken da gudummawarsa. Bitar ayyukan da suka gabata, wadda ta cinye shafi talatin ko arba'in a babi na biyu, jimla ɗaya ko biyu take samu a nan: me aka riga aka sani, kuma wane giɓi aka bari.

Bari mu ƙaddara wata ɗaliba a tsangayar aikin gona, wadda ta yi bincike kan adana wake. Ita da alƙalumanta duk na misali ne, amma abin da take nazari sananne ne: buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi. Leda biyu masu kauri ne a ciki da buhun saƙa a waje, ana ɗaure kowanne dabam, iska ta ƙare wa ƙwaron da ke ciki har ya daina ɓarna. Galibin irin wannan zama da Ingilishi ake yi, in ban da sassan Hausa da Larabci, amma ginin jawabin ɗaya ne a kowane harshe. Ga yadda za ta fara:

"Ranka ya daɗe shugaban zama, malamaina masu jarrabawa, ina yi muku barka da zuwa. Manomin wake yakan sayar da amfaninsa da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, saboda tsoron ƙwaro. An yi nazari a wurare da dama kan buhu mai ninki uku, amma ban samu wanda ya gwada shi da irin waken da manoman yankinmu ke shukawa, a cikin irin ɗakin ajiyarsu ba. Tambayata ita ce: tsakanin wannan buhu, da buhun da aka saba mai maganin ƙwari, da buhun da aka saba ba magani, wanne ya fi kare wake na tsawon wata shida?"

Minti ɗaya bai cika ba, amma kowa a teburin ya san tambayar. Ba ta ba da tarihin noman wake a Afirka ba, ba ta kuma jero godiya ga iyaye da maigida da malaman firamare ba. Godiya tana da shafinta a cikin kundi, kuma akan ba ɗalibi damar yin ta bayan an sanar da sakamako.

A bayanin hanyar bincike, abin da ake so shi ne adadi, da dalilin zaɓin da aka san za a yi tambaya a kai. Sai ta ce: "Na cika buhu 36 da wake iri ɗaya, 12 ga kowace hanya. A wata na biyu na buɗe huɗu daga kowane rukuni, haka a wata na huɗu da na shida, ina ƙirga ƙwayoyin da suka huje a cikin kowace ɗari. Kowane buhu sau ɗaya na buɗe shi, domin buɗe buhu mai ninki uku yana shigar da sabuwar iska, wanda zai ɓata gwajin." Wannan jimla ta ƙarshe ta fi sauran daraja. Duk malamin da ya san adana hatsi, tambayar da zai fara yi ke nan: ta yaya kika ɗebi samfur ba ki karya rufin ba? Da ta amsa tun kafin a tambaya, ta nuna cewa ta fahimci abin da take aunawa, ba umarnin mai duba aikinta kawai ta bi ba.

Sannan ta shiga sakamako, ta fara da mafi girma. "A wata na shida, ƙwayoyi 4 cikin ɗari ne suka huje a buhu mai ninki uku, 19 a buhu mai magani, 71 a buhun da ba magani. Wannan yana jadawali na 4.3. Abu na biyu, a wata na biyu babu wani bambancin kirki tsakanin buhu mai ninki uku da mai magani. Sai daga wata na huɗu tazarar ta buɗe. Abu na uku ya saɓa wa hasashena: buhu ɗaya mai ninki uku ya lalace kusan kamar wanda ba magani, kuma da na duba sai na tarar ɓera ya huda ledar." Sakamako uku sun isa. Kundin yana iya ƙunsar jadawali ashirin, amma kunne ba ya riƙe lambobi kamar yadda ido ke riƙewa, don haka kowane sakamako lamba ɗaya ko biyu za a jingina masa, tare da faɗin inda za a same shi. Wanda ya saɓa wa hasashe kuwa ba a ɓoye shi, domin masu jarrabawa sun riga sun gan shi, kuma tsallake shi yana sa su fara shakkar sauran.

Ɗalibai da yawa suna jin tsoron ambaton iyakar bincikensu, suna ganin kamar miƙa wa malami sanda ne. A gaskiya wanda bai faɗa da bakinsa ba, za a faɗa masa. Ɗalibar tamu za ta ce gwajin na kaka ɗaya ne, a ɗakin ajiya ɗaya, da irin wake ɗaya, kuma ba ta auna ko waken zai tsiro in an shuka shi ba. Daga nan sai ta rufe da abin da ta ƙara: ga manomin da zai ajiye wake fiye da wata huɗu a irin wannan yanayi, buhu mai ninki uku ya fi, muddin an ɗora shi a kan katako an kare shi daga ɓera. Sai ta ce, "Na gode, a shirye nake da tambayoyinku da gyare-gyarenku," ta yi shiru. A lura ba ta ce binciken ya tabbatar da abin da ya dace da duk manoman Arewa ba. Buhu 36 a ɗaki ɗaya ba za su ɗauki wannan magana ba, kuma iƙirarin da ya fi hujja girma shi ke jawo tambayoyin da suka fi zafi.

Akwai alamomin da ke nuna jawabi ya karkace tun ana gwaji a gida. Idan agogo ya kai minti biyu ba a fara faɗin sakamako ba, gabatarwa ta yi yawa, kuma shugaban zama na iya katse ɗalibi kafin ya kai ga abin da ya gano. Idan ana jin "zan bincika" da "ana sa ran", to an kwaso jimlolin ne daga takardar neman amincewa da batu, wadda aka rubuta kafin a yi aikin. A yau "na auna" da "na gano" ake son ji. Idan jawabin ya zama "babi na ɗaya ya ƙunshi kaza, babi na biyu ya yi magana kan kaza", jerin ƙunshiya ake karantawa. Mafi haɗari shi ne lambar da aka faɗa da baki ta saɓa da wadda ke cikin kundin da aka miƙa, abin da kan faru idan an yi gyara bayan an ɗinke kwafin masu jarrabawa. Don haka daga ainihin wannan kwafin ake ciro kowace lamba.

Wajen shiri, a rubuta jawabin cikakke, a karanta shi da ƙarfi ana duba agogo, a yi ta yankewa har ya tsaya a minti huɗu da rabi, domin a gaban malamai numfashi da in'ina sukan ci sauran. Bayan haka a mayar da shi ƙaramin kati mai ɗauke da tambayar bincike, da lambobi, da lambar jadawali. Hadda kalma bayan kalma tana da illa: da zarar wani ya jefo tambaya a tsakiya, zaren ya tsinke, ɗalibi ya koma farko. Jimlar farko da ta ƙarshe kaɗai suka cancanci a haddace. Mai amfani da majigi kuma ya gwada jawabin ba tare da shi ba, saboda wuta na iya ɗaukewa, kuma ba lallai a jira ta dawo ba. Gwaji na ƙarshe shi ne a yi wa wanda ba ɗan fannin ba jawabin, ƙanwa ko abokin ɗaki, sannan a tambaye shi me aka gano. In ya iya cewa buhu mai ninki uku ya fi kare wake daga wata na huɗu, sai dai a kula da ɓera, jawabin ya yi. In kuwa abin da ya riƙe kawai shi ne "wani abu ne dai kan wake", sai a koma a rage gabatarwa, a ƙara wa sakamako lokaci.