Ƙwayar Tazarar Haihuwa Ta Mai Shayarwa: Awa Uku Ne Iyakarta

Mai jego da ta je asibiti bayan arba'in tana gudun kwanika, galibi ƙwaya mai sinadari guda ake ba ta, wato furojestin zalla. Ƙwayar da aka fi sani tana haɗe da istirojin, shi kuwa yana iya rage ruwan nono, yana kuma ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, musamman a makonnin farko bayan haihuwa. Wannan ba ta taɓa nono, jariri zai sha ya ƙoshi. Ta kuma dace da mai hawan jini, da wadda ta haura shekara 35 tana shan taba, da mai ciwon ɓarin kai irin wanda ido ke fara ganin walƙiya kafin ya sauko.

Sai dai tana da sharaɗi mai tsauri, kuma a ganina ba a cika tsayawa a fayyace wa mata dalilinsa ba. Babban aikinta shi ne kaurara majinar bakin mahaifa ta yadda maniyyi ba zai ratsa ba. Hana sakin ƙwai kuwa ba kowane wata take yi ba. Kaurin nan kusan yini guda yake ɗauka, daga nan ya fara saki. Shi ya sa jinkirin da ya wuce awa 3 ake lissafa shi kamar an tsallake sha.

A ce mace ta saba sha da ƙarfe 8 na dare bayan isha'i, lokacin da ko azumi ba zai taɓa ba. Ranar Talata yaro ya yi ta rigima, barci ya kwashe ta. Idan ta farka ƙarfe 10, ta sha kawai, ba komai. Idan sai da asuba ta tuna, ta sha nan take, ta sha ta daren Laraba a kan lokacinta, sannan a yi amfani da kwaroron roba ko a haƙura da saduwa kwana 2, musamman in al'adarta ta dawo. In an riga an sadu, ta nemi shawara kan maganin gaggawa. Amai cikin awa 2 da sha ma yana bukatar a sake shan wata.

Akwai nau'i mai desojestirel da ke ba da sararin awa 12, don haka a tambayi wanne aka bayar. Ba a hutu tsakanin fakiti: wannan ya ƙare yau, gobe a buɗe sabo. Ɗigon jini ko rikicewar al'ada abu ne da aka saba gani, ba alamar ta daina aiki ba ce.

Mai cutar dajin nono kada ta sha. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya kuma ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya tun kafin ta karɓa, domin wasunsu suna karya ƙarfin ƙwayar.