Tsoron jiri da bugun zuciya, da yadda ake rage shi

'Yan'uwa ɗalibai, a zafin Garwa na watan Afrilu, mutum kan miƙe tsaye ya ji jiri, zuciyarsa na dukan uku-uku. Yawancinmu ruwa za mu sha, shi ke nan. Amma wani da ya ji haka sai ya ce, "Wayyo, mutuwa zan yi!" Tsoro ya ƙara wa zuciya gudu, gudun ya ƙara tsoro. Masani ɗan Ingila, David Clark, ya bayyana wannan zagaye a 1986.

Maganin da masana ke yi shi ne a jawo jirin da gangan, har jiki ya gane ba haɗari ba ne. Misali, ɗalibi ya juya a tsaye na daƙiƙa 30, sannan ya tsaya ya ba tsoronsa maki cikin goma. A ce ya ba shi takwas. Ya jira jirin ya wuce da kansa, ya sake, kamar sau biyar, kullum. Idan makin ya sauko, ya koma gudu a wuri ɗaya na minti guda don zuciya ta buga.

Inda ake kuskure shi ne tsayawa da zarar jiri ya fara, ko saurin zama. Sai zuciya ta ce, "Zaman ne ya cece ni," tsoron yana nan daram.

Amma fa likita ya fara duba mutum. Mai ciwon zuciya, asma ko farfaɗiya, da mai juna biyu, kada su gwada sai da izininsa.