Labari Ɗaya, Baki Biyu: Yadda Ake Tsara Rubutun Kwatanta Jaridu

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. A ce jarida ɗaya ta buga kanun "Gwamnati ta ƙara kuɗin mai", ɗayar kuma ta ce "Farashin mai ya tashi". Ta farko ta nuna wanda ya aikata. Ta biyu ta mai da abin kamar ruwan sama, wanda ba a tambayar wa ya kawo shi. Tono irin wannan bambanci shi ne nazarin zance na ƙwaƙwaf, fannin da masanin harshe ɗan Birtaniya Norman Fairclough ya shahara da shi tun littafinsa na 1989. Tsarinsa hawa uku ne: kalmomin rubutun, yadda aka haɗa labarin, sai yanayin al'ummar da ya fito daga cikinta.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne fasali. Sai mutum ya kwashe shafi uku yana taƙaita jarida ta farko, ya sake uku a kan ta biyu, kwatancin ya maƙale a sakin layin ƙarshe. Alamar wannan cuta a fili take: idan za a cire rabin rubutun ba tare da sauran ya girgiza ba, to ba a kwatanta komai ba.

Maganinsa a raba rubutun bisa batutuwa, kowane sashe ya ɗauki jaridun biyu tare. Gabatarwa ta faɗi abin da ya faru da matsayarka a jimla guda. Sai ka ambaci labaran da ka zaɓa da ranakunsu, rahoto da rahoto, domin sharhin edita ba sa'an rahoto ba ne.

Sashe na farko ya duba mai aikatawa. A Hausa, "an ƙara kuɗi" ma ɓoye mutum yake yi, ƙaramar kalmar nan "an" labule ce. Na biyu ya duba wa aka bai wa baki. Ƙirga su: jami'ai nawa, direbobi da 'yan ƙwadago nawa, wa aka fara ambata? Lura da aikatau kuma, domin "minista ya bayyana" na ɗauke da yarda, "ƙungiya ta yi iƙirari" kuwa na ɗauke da shakku. Sashe na uku ne zai hau zuwa dalili: mamallakin jarida, masu karatunta, da masu ba ta talla.

A nan sai a yi hattara. Labarai shida na mako guda za su nuna salo, amma ba za su nuna abin da ke zuciyar edita ba. Rubuta "wannan kanu ya ɓoye mai aikatawa", ka kawo jimlar a gani. Kada ka ce "edita ya so kare gwamnati", domin wataƙila ƙarancin fili a shafin farko ne ya sa ya datse kalmar.